Saƙon godiya bayan intabiyu: kada ya kai Litinin

"Salamu alaikum Yaya, barka da aiki. Yau Alhamis da ƙarfe 5 na yamma na yi intabiyu ta Zoom da farfesar nan ta Kanada a kan gurbin digiri na biyu. Mun jima a kan aikin da na yi na tace ruwan Kogin Kaduna da 'ya'yan zogale. Wani ya ce in tura mata saƙon godiya. Ba za ta ɗauka kamun ƙafa nake yi ba? Ko in bari sai Litinin?"

Wa alaikumus salam ƙanena. A watan nan kai ne na huɗu da ya turo mini tambaya daga gida, amma taka ce kaɗai ba ta ƙare da lambar asusu ba, don haka zan zauna in amsa maka.

Ka tura, kuma kada ya wuce gobe. Mu a gida mun saba idan babba ya saurare ka, sai ka bari kwana biyu, ka sa babbar riga ka je gaisuwa. Nan ba haka ba ne. Matar nan wataƙila mutum biyar ko shida za ta gani a makon, kuma zuwa Litinin fuskokinku sun gauraye mata. A wannan lokacin na bazara Kaduna tana gaban lardin Alberta, inda farfesar take, da awa 7. Ƙarfe 5 ɗinka ƙarfe 10 na safenta ne. Ka rubuta yau da dare tun maganar tana kanka, ka kwana a kai, ka sake karantawa, sannan ka tura bayan an sauko daga Juma'a. Ƙarfe 3 na rana a Kaduna ƙarfe 8 na safe ne a wurinta, daidai lokacin buɗe imel. Idan kana tsoron wuta ko data su ba ka kunya, Gmail yana da Schedule send, ka saita tun yau ka huta.

Batun kamun ƙafa kuwa, abin da ke cikin saƙon ne yake mai da shi haka. Ni na yi, kuma har yau idan na tuna sai in ji kunya. Shekarata ta farko a nan na yi intabiyu a wani kamfani, mutum uku a teburi. Na bari sai da aka kwana huɗu, sannan na zauna na rubuta musu wasiƙa kusan shafi guda. Na gaishe su da iyali, na ce su ne gatana bayan Allah, na ambaci mahaifiya da ƙanne da nake ɗauke da su, na rufe da addu'a. Kuma abu ɗaya na kwafa wa duka ukun, suna kawai na canza. Ban samu aikin ba. Ba zan rantse cewa wasiƙar ce ta kayar da ni ba, amma daga baya da na fara zama a irin wannan teburin da kaina, na ga yadda ake yi: saƙo yana shigowa, a tura wa juna. Ka ga ke nan sun jera nawa uku sun ga duk ɗaya ne. Abin da mu muke kira ladabi, su suna karanta shi a matsayin matsin lamba, kamar kana ɗora musu nauyin gidanku. Wannan ya fi sanyin ƙasar nan yi mini ciwo.

Abin da yake aiki shi ne magana ɗaya tak daga cikin hirar. Kai kuma Allah ya ba ka, ga zogale. Amma kada ka rubuta cewa ka ji daɗin tattaunawa a kan tace ruwa, wannan kowa zai iya rubutawa ko bai shiga hirar ba. Ka nemo daidai wurin da ta tsaya ta yi maka tambaya ta biyu, ko inda ta ɗauki biro. Idan ta san fagen, ina kyautata zaton ta taɓo raunin zogalen: garin 'ya'yansa yana kwantar da laka kamar yadda alif yake yi, amma yana barin nasa sinadarin a ruwa, wanda ƙwayoyin cuta ke ci su sake yaɗuwa idan ruwan ya daɗe a ajiye. A ce nan ne ka ɗan yi in-ina. To saƙonka, da Turanci mai sauƙi, ma'anarsa ta zama kamar haka:

"Farfesa, na gode da lokacin da kika ba ni jiya. Tambayarki a kan abin da ke faruwa da ruwan bayan ya kwana a randa ta tsaya mini a rai. A aikina na auna gurɓacewar ruwan ne jim kaɗan bayan tacewa, ban bi shi zuwa washegari ba, kuma yanzu na ga nan ne giɓin yake. Irin abin da nake son in bincika ke nan a ɗakin gwajinki, musamman da ruwan damina. Idan akwai wata takarda da kike bukata, zan turo."

Shi ke nan, layi biyar. Ka lura ban sa ka kare kanka ba, ban kuma sa ka ƙirƙiri sakamakon da ba ka auna ba. Idan ba haka aka yi ba a hirarku, kada ka kwafi nawa, ka sa abin da ya faru. Ga yadda za ka gane ko ya yi: ka rufe sunanta da yatsa ka karanta. In za a iya tura shi ga wani farfesa daban ba tare da an canza komai ba, bai yi ba, ka koma ka gyara.

Sunanta ka kwafo daga imel ɗin da ta turo maka, harafi da harafi, kuma sunan ƙarshe ake haɗawa da Farfesa, ba na farko ba kamar yadda muke yi. Ka danna Reply a kan saƙon gayyatar don ta gan shi a zare ɗaya. Ban da WhatsApp ko da kana da lambarta, ban da tambayar kuɗin tallafi a ciki, ban da tarin satifiket da ba a nema ba.

Kada kuma ka ɗora wa saƙon abin da ba zai iya ba. Ba ya gyara hirar da ta lalace, kuma a wuraren da ake ba da maki a takarda nan take, kamar yawancin ayyukan gwamnati, sau da yawa an gama lissafi kafin ya iso. Jami'in biza kuwa ba a tura masa godiya sam. Wurin farfesa da ke zaɓar ɗalibi da kanta ne yake da nauyi, don tana neman wanda zai ji gyara ya yi tunani a kai.

Wataƙila ta amsa da kalma biyu, wataƙila shiru. Kada ka sake turawa ranar Asabar kana tambaya ko ta gani. Ka jira ranar da ta ce za a ji sakamako ta wuce da kwana biyu ko uku tukuna. Ka turo mini abin da ka rubuta kafin ƙarfe 2 na rana gobe, agogon Kaduna, in duba, ina tashi da asuba. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata kilishin ya iso.