Neman dogon hutu don aikin Hajji

"Na biya kujerar Makka ta hukumar alhazan Kaduna, hutuna na shekara kwana 21 ne. Yaya zan tunkari manajanmu?"

Malam, Allah ya sa a je lafiya. Ka rubuta takarda tun a Rajab, kada ka jira Shawwal. Ka nemi mako shida, domin alhazan jiha kan shafe kusan kwana 40 tsakanin Madina da Makka. Ka sa hutunka na shekara a ciki, ragowar ka nemi a ba ka ko da ba albashi.

Inda aka fi samun matsala shi ne ranar tashi. Jirgi ba ya bin lissafinka, ana iya kiranka sansanin alhazai na Mando a ɗaga tafiyar, dawowa ma haka. Saboda haka kada ka yanke rana ɗaya, ka rubuta cewa kana iya ƙara mako guda, a sa hannu a kai. In ba haka ba, jinkirin zai zama fashin aiki.

Shi manaja damuwarsa wa zai riƙe aikin. Ka je masa da sunan wanda ya riga ya amince, ku yi mako biyu kuna aikin tare, musamman rahoton ƙarshen wata, tunda aƙalla ɗaya zai same ka a can.