Kullum Wasa Ɗaya Ke Tsinka Min Tikiti: Rashin Sa'a Ne Ko Lissafi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Duk ƙarshen mako ina haɗa wasannin ƙwallo goma a tikitin caca ɗaya, kuma ba na ganganci, manyan kungiyoyi kawai nake ɗauka masu od 1.20 ko kusa da haka. Amma kusan kullum wasa ɗaya ne ke tsinka min tikitin. Wani ya ce in biya shi ya riƙa ba ni wasannin da babu faɗuwa a cikinsu. Abin ya fara damuna. Rashin sa'a ne, ko akwai abin da ban gane ba?

Amsa: Ɗan'uwa, sa'arka ƙalau take. Abin da ke faruwa da kai shi ne ainihin abin da aka gina dogon tikiti ya riƙa yi, don haka ka riƙe kuɗinka, kada ka ba wannan mutumin ko sisi.

Ka san kowane od, wato lambar da ake ninka kuɗinka da ita idan ka ci, da la'adar kamfanin caca a cikinsa. A wasan da damar ɓangarorin biyu ta zo daidai, od na gaskiya 2.00 ne, amma sai a ba ka 1.90. Wato duk 100 da ka sa, abin da zai dawo maka idan aka jima ana yi 95 ne, kamfani ya riƙe 5. Wannan a wasa ɗaya ke nan. Idan ka haɗa wasanni, ba sau ɗaya ake cire la'adar ba, domin dogon tikiti daidai yake da ka ci wasan farko, ka kwashi uwa da riba ka zuba a na biyu, ka sake kwashewa ka zuba a na uku. A kowace zubawa sai an yanki kashi 5 cikin 100 na abin da ke hannunka. A wasa biyar, 0.95 ya ninka kansa sau biyar, ya koma kusan 0.77, la'ada ta tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 23. A wasa goma ta kai kashi 40. Duba ta fuskar abin da za a biya ka: wasa biyar masu 1.90 suna ba da od 24.76, alhali na gaskiya 32 ne. A wasa goma za ka ga 613 a allo ka yi murna, amma da adalci aka yi 1,024 ya kamata ka gani.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai, domin babu ruɗun da na fi cin karo da shi kamar wannan: cewa ƙaramin od kyauta ne, ka ƙara shi a tikiti ya ɗaga maka riba ba tare da haɗari ba. Wallahi babu od na kyauta. Mu ɗauki tikitinka. Od 1.20 yana nufin kamfani ya sayar maka da wasan kamar damar cinsa kashi 83 ce da ɗoriya. Mu ƙaddara idan aka cire la'ada damar gaskiya kashi 80 ce. Kashi 80 yana da daɗin ji, amma ma'anarsa babbar ƙungiyar nan tana yin canjaras ko ta sha kashi sau ɗaya a wasa biyar. To kai ka jera irin su har goma, ka ce dole dukansu su ci a mako guda. Damar hakan ba ta kai kashi 11 cikin 100 ba. Kusan tikiti tara cikin goma za su mutu, kuma wanda ya tsira od 6.19 kawai zai biya, alhali sai ya haura 9 kafin ka dawo da abin da ka zuba. Duk 100 da ka sa a irin wannan tikiti, kusan 66 ne ke dawowa.

Sai batun wasa ɗayan da ke ƙona maka rai. A wannan tikitin dai, damar a ci tara a faɗi ɗaya tak ta kusa kashi 27. Ka ga ke nan faɗuwa da wasa ɗaya ta ninka cin tikitin sau biyu da rabi wajen yawan aukuwa. Mutum ya kalli takardarsa ya ga kore tara da ja ɗaya, sai ya ce saura ƙiris, mako mai zuwa zan cire wannan ƙungiyar mai ba da kunya. Mako mai zuwa wata ce za ta ba shi kunyar. Wannan saura ƙiris ɗin shi ne ƙugiyar, shi ke mayar da kai.

A nan masu sayar da wasanni suke cin kasuwarsu. Su buga tikiti iri-iri, su raba wa mutane zaɓi daban-daban, wanda ya dace su ɗauki hotonsa su baza, sauran su goge. Wasu ma hoton na bogi ne. Ka tambayi kanka: wanda yake da wasan da ba ya faɗuwa, me zai yi da ɗan kuɗin rajistarka? Kuma ko da ya san ƙwallo da gaske, sanin wanda zai ci bai isa ba, sai ya fi kamfani iya sa wa wasan farashi. Idan ya kasa haka a wasa ɗaya, haɗa goma ninka gazawarsa kawai zai yi.

Garaɓasar da kamfanoni ke ƙarawa a kan dogon tikiti ma ka auna ta da wannan ma'auni. A misalin wasa biyar ɗin can, sai ƙarin ya kai kusan kashi 29 kafin 24.76 ya zama 32. Duk abin da bai kai haka ba, wani yanki ne na la'adarka aka mayar maka. Maɓallin Cash Out kuwa, na karɓar kuɗi kafin wasannin su ƙare, galibi da wata sabuwar la'adar a cikin farashinsa.

Duk da haka ba zan ce dogon tikiti ba shi da wani muhalli ba ga wanda ya ɗauki abin a matsayin nishaɗin da yake saya, ba sana'a ba. Asararka la'ada ce a ninka da abin da ka zuba. Wanda ya sa 100 a wasa ɗaya yana asarar 5 a matsakaici. Wanda ya sa 10 a tikitin wasa biyar yana asarar kusan 2.3, ga shi ya sami abin da zai bi da ido tun daga wasan rana har na dare. Wannan ya fi arha. Amma sharaɗin shi ne kuɗin ya ragu da gaske. Idan 100 ɗin nan ka ɗauka ka ɗora a wasa biyar, asararka ta koma kusan 23.

Haka kuma idan babban od kake nema, haɗa wasa biyu ko uku daga manyan gasanni, inda la'ada ke da sauƙi, kan fi arha a kan neman sa a kasuwa guda mai la'ada mai kauri kamar cankar sakamako daidai. Gane kaurin ba wuya: raba 1 da kowane od na kasuwar, ka tara. A 1.90 da 1.90 za ka sami 1.053. Yadda jimillar ta yi nesa da 1, haka la'adar ta yi kauri, kuma duk wasan da nasa ya yi nisa kada ya shiga tikitinka.

A naka yanayin, ka rage goman nan zuwa uku, ka yanke abin da za ka sa a wata tun kafin watan ya kama, ka riƙa rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo. Tunda ka ce abin ya fara damunka, ka lura da alamu biyu: ƙara kuɗi don ka fanshe na makon jiya, da taɓa kuɗin da aka ware don wata buƙata ko cin bashi. Idan ɗayansu ya riga ya faru, rage tsawon tikiti ba zai wadatar ba. Ka yi amfani da tsarin rufe asusu na wani lokaci idan manhajarka tana da shi, sannan ka faɗa wa wani naka da ka yarda da shi.