Yadda za a haɗa makin kwamfuta da makin tsaftar kod

Tambaya: Ina koyar da Python, na sa kwamfuta ta riƙa gwada kod ɗin ɗalibai tana ba su maki, ni kuma ina duba tsaftar rubutu da kaina, 70 da 30 na raba. Matsalar akwai waɗanda kod ɗinsu ba ya aiki amma suna haye 40 su ci jarabawa. Ya zan yi?

Amsa: Malam rabon 70 da 30 ɗin ba shi da laifi, inda gizo ke saƙa shi ne ka bar makin tsafta yana zaman kansa. Ɗauki yaron da ya ci gwaji 4 cikin 20, wato 0.2, makinsa 14 kenan, amma ya sa sunaye masu kyau ya jera komai tsaf har ka ba shi 27 cikin 30, ka ga ya tashi da 41, ya ci alhali bai warware komai ba. Kuma fa kod ɗin da bai yi nisa ba shi ya fi sauƙin tsaftacewa tunda gajere ne.

Ni abin da nake yi shi ne in ɗaure tsaftar da aikin:

```
jimla = 70*T + 30*S*min(1, T/0.5)
```

T shi ne kason gwajin da ya ci, S na tsafta, duk daga 0 zuwa 1. Wanda ya kai rabin gwaji zai kwashi makin tsaftarsa gaba ɗaya, wanda bai kai ba a rage masa daidai gwargwado. Yaron can yanzu 14 da 10.8 ne, 24.8. Wani mai T na 0.8 da S na 0.5 kuwa 71 ɗinsa na nan ba a taɓa ba.

Sai dai wannan lissafin yana da haɗari ga masu sifili, don haka duk wanda kwamfuta ta ba sifili ka buɗe kod ɗinsa da idonka. Sau da yawa yaron ya gane aikin sarai, kawai ya buga `Average: 3.5` ne inda ake jiran `3.5`, ko ya manta `:` ɗaya sai `SyntaxError` ta kashe masa gwaji 20 duka. Irin wannan ka gyara layin, ka sake gwadawa, ka cire masa maki 5 ko abin da ka sanar tun farko. In kuma ka ga gwaji ɗaya ya kayar da kusan duk ajin har da haziƙai, to gwajin ka fara tuhuma, musamman in yana kwatanta lambobi masu ɗigo da `==`, can `math.isclose` ake sawa.

Batun 30 ɗin nan kuma, kar ka ɓata lokacinka kan tazara da tsawon layi, `flake8` zai ƙirga maka su. Idonka ka ajiye shi kan ma'anar sunaye, da raba aiki zuwa fankshin, da maimaita kod, kowanne maki 10, ka rubuta abin da ke kawo 0 da 5 da 10 kafin ka fara, in ba haka ba takarda ta 80 ba za ta samu hukuncin ta farko ba. A nan ne ma za ka kama mai wayon da ya jera `if` yana buga amsoshin misalan da ka bayar, shi ya sa yawancin gwajin su zama ɓoyayyu.