Yaya zan nemi rifaras wajen tsohon manajana?

Tambaya: Shekara 6 rabona da tsohon manajana, ko gaisuwa babu, yanzu sabon wajen aiki na neman rifaras, wato wanda zai ba da shaidar aikina, me zan rubuta masa?

Amsa: Dan uwa kar ka sa sunansa a fom sai ka tambaye shi, ni na taba yin wannan katobarar, aka kira oga a waya ya ce wane ne ma? Kunya kamar in nutse.

Fara da tuna masa ko kai waye, don yara nawa suka bi ta hannunsa. Misali:

"Ranka ya dade, barka da aiki, ya iyali? Ni ne na rike sito a karkashinka daga 2016 zuwa 2018, lokacin da muka mayar da lissafin kaya kan kwamfuta. A yi hakuri da dogon shiru. Ina neman aikin akanta, sun bukaci wanda ya san aikina, ko zan iya ba da sunanka? Za su kira kafin Juma'a. In ba hali ba komai."

Hakurin nan layi daya ya isa, kar ka zauna kana ta kare kanka. Ka hada masa CV dinka da tallar aikin. In kwana 5 shiru ka kira sau daya, in ya ce "to za mu gani" nemi wani kawai.