Kafin a biya kuɗin gwajin disleksiya

*"Ɗana shekararsa 9, rashin lafiya ya hana shi makaranta shekara biyu. Ko layi ɗaya ba ya iya karantawa. An ce disleksiya ce, in kai shi gwaji. In biya?"*

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Disleksiya wahalar koyon karatu ce da wasu yara ke fama da ita ko da an koya musu. In aka gwada yau, da yaron da koyo ke yi wa wuya da wanda ba a koya wa ba, duk faɗuwa za su yi. Fara kai shi a duba masa ido da kunne. Sannan ki leƙa ajinsu: in rabin yaran haka suke, koyarwa ce ta gaza.

Daga nan ki samo malamin da zai zauna da shi minti 30 kullum, kwana biyar a mako, har mako 12, cikin harshen da yaron ya fi ji. Ban da haddar shafi. A koya masa sautin kowane baƙi da wasali, da yadda ake haɗa su. Duk ƙarshen mako a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, a rubuta. A riƙa sa masa kalmomi marasa ma'ana irin "lumo" ko "nibu", don waɗannan ba a cinkarsu. A gwada shi da baki ma: "Ce takarda. To, cire gaɓar 'ta'." Ya kamata ya ce "karda".

Yaron da makaranta kawai ya rasa, za ki ga lambar tana hawa, abin da ya koya kuma ya zauna. Mai disleksiya kuwa zai iya sauti yau, jibi ya ɓace masa, yana haɗa gaɓa da ƙyar, alhali in an karanta masa labari ya fahimce shi tsaf. In haka ta kasance bayan mako 12, musamman in akwai mai irin matsalar a dangi, to gwajin ƙwararre ya cancanci kuɗinsa. Ki tafi masa da takardar ƙirgen.

*"'Yata mai shekara 6 tana rikita b da d."*

Yara da yawa na yin haka har wajen shekara 7. Wannan kaɗai ba shaida ba ce, Malam.

*"Wanne ya fi, tabarau mai launi ko maganin ƙara basira?"*

Ko ɗaya! Disleksiya ba ciwon ido ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba. Wahala ce ta rarrabe sautukan magana da danganta su da haruffa, babu gilashi ko ruwan kwalba da zai koya wa yaro wannan. Abin da ke ba ni haushi, masu tallar nan sun san iyaye a tsorace suke. Duk wanda ya ce yaro na da disleksiya cikin minti goma, bai tambayi shekara nawa ya yi a aji ba, sannan ya jawo kayan sayarwa daga aljihun tebur, ɗan kasuwa ne. Ku tashi ku ba shi wuri, kuɗin ku biya malamin karatu.