Sabis caj ɗin otal: masu shara da wanke-wanke na da kaso ko babu?

Wata baiwar Allah da ke aikin wanke-wanke da shara a gidan abincin wani otal nan cikin garin Sakkwato ta turo mani tambaya, ta ce su goma sha takwas ne, weta shida, masu girki shida, su masu shara da wanke-wanke su ma shida. Takardar ɗaukar aikinta ta ce albashi dubu 40 da kaso daga sabis caj, kuma da can ana ba su, sai da aka kawo sabon manaja ya ce ai kwastoma bai ganin mai shara don haka ba su ciki, sannan duk wata yana cire wani abu da sunan faranti da kofunan da suka fashe. Tana tambaya shin tana da haƙƙi ko dai haƙuri za ta yi.

Malama, kina da haƙƙi, amma bari mu raba kuɗin nan biyu tukuna don ba hukunci ɗaya gare su ba.

Akwai na goro, wato alhaji ya ci abinci ya ji daɗi ya ce wa weta riƙe canjin, ko ya miƙa mashi dubu biyu a hannu. Wannan kyauta ce tsakanin mai bayarwa da wanda ya ba, kuma dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta ce komai ba a kan yadda za a raba ta, in dai babu yarjejeniya a wurin aikin cewa kowa ya zuba a akwati ɗaya to ba za ki iya kai weta ƙara don ya sa a aljihu ba. A Birtaniya sun yi doka a 2023 da ta tilasta ma masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata kuɗin duka kuma a raba da adalci, mu nan ba mu da irinta.

Sabis caj kuwa daban. Shi ne kashi 10 cikin ɗari da ake bugawa a rasit kusa da harajin VAT na kashi 7.5, kwastoma otal yake biya ba weta ba, kuɗin asusun otal suke shiga. Saboda haka tambayar lauya a nan ita ce mi otal ya yi maki alkawari, kuma sa'arki ita ce an rubuta a takardarki. Sashe na 91 na dokar ƙwadago ya ce albashi shi ne duk abin da aka yi yarjejeniya mai aiki zai biya ma'aikaci a kan aikinsa ko da wane suna aka kira shi, to tunda an sa kason nan cikin sharuɗɗan aikinki hujjarki mai ƙarfi ce cewa ya zama ɓangaren ladanki, manaja ba zai tashi da safe ya soke shi da baki ba tare da amincewarki ba. Kuma maganar wai kwastoma bai ganin mai shara wallahi ba ta yi mani daɗi ba, kwastoman da ya tarar da maiƙo a bakin kofi ko banɗaki na wari ai ba ya dawowa, kowa a wurin ya san haka har shi manajan.

Sai batun fashewar faranti, wanda shi ne inda ake cutar mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 5 ya hana mai aiki ya ci ma'aikaci tara daga albashinsa. In ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci ana iya cire abin da ya dace, amma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire, kuma duk abin da za a cire a wata bai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Ki lura, magana ce ta wane ne ya fasa kuma ta yaya, ba wai a ɗebe dunƙule daga kuɗin kowa a ce na fashe-fashe ne ba tare da ko littafin da aka rubuta ranar da farantin ya fashe ba.

Mu yi lissafi da alƙaluman da kika ba ni. Cinikin wata naira miliyan 6, sabis caj ya kama dubu 600. Manaja ya cire dubu 150, saura dubu 450, weta kowa dubu 45, masu girki kowa dubu 30, ku kuma ko sisi. Takardarki ba ta faɗi nawa ne kasonki ba, nan ne rauninta, shi ya sa abin da aka saba ba ku da can yake da muhimmanci ƙwarai, in kina da alat na banki ko hoton takardar da kuke sa hannu ku karɓa ki adana su, su za su nuna adadin. In kuma za a zauna a tsara sabon rabo, ni tsarin maki nake ba da shawara: weta maki 3, mai girki 3, mai shara 2, jimla maki 48, a raba dubu 600 kowane maki ya tashi naira 12,500, weta da mai girki 37,500 kowa, ke kuma dubu 25. Kin ga weta zai ragu da 7,500 ne kawai kuma yana da na goronsa a gefe, masu girki ma ƙaruwa za su yi, don haka kada ki ɗauki abokan aikinki a matsayin abokan faɗa, ki jawo masu girki su sa hannu tare da ku. Kuma a rubuta cewa kyautar da kwastoma ya ƙara ta POS ta shiga akwatin rabo, a liƙa jimlar ciniki a bango ƙarshen wata kowa ya gani, don in ba a san jimlar ba to kowane tsari na banza ne.

Abin yi yanzu, ku rubuta wasiƙa ga mai otal ba manaja kaɗai ba, cikin ladabi, ku faɗi watannin da ba a ba ku ba da adadin, ku nemi amsa cikin mako biyu, ku riƙe kwafi da aka sa wa hannu an karɓa. Sau da yawa mai wurin bai ma san ana yin haka ba. In shiru, ku je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Sakkwato, jami'in ƙwadago na iya kiran ɓangarorin biyu a sasanta. In nan ma ya ƙi sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Sakkwato, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 sashe na 254C ita kaɗai ke da hurumin shari'ar aiki da albashi, kada wani ya kai ki kotun majistare ko ta alƙali ki ɓata kuɗi a kori ƙarar. Ku shida ku haɗu ku shigar tare, kuɗin lauya zai yi maku sauƙi.

Ba zan ɓoye maki haɗarin ba. Za su iya sallamarki da notis, mako ɗaya in kin wuce wata uku ba ki kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama, sai dai sallama ba ta goge bashin da kike bi, kina iya nemansa bayan kin bar wurin. Kuma kada ki jingina da mafi ƙarancin albashi na dubu 70 sai kin tabbatar da yawan ma'aikatan otal ɗin gaba ɗaya, don wannan dokar ba ta hawa kan wurin da bai kai mutum 25 ba, ku ƙirga har da masu gadi da na risafshan. Don Allah kada ɗayanku ya taɓa kuɗin durowa ya ce haƙƙinsa ya ɗauka, nan take magana za ta koma ta sata a hannun 'yan sanda, kuma duk takardar da suka kawo maki da ta ce kin yafe kason baya kada ki sa hannu sai lauya ya karanta maki ita.