Shin korije yana kuskure? Yarona ya daina yarda da lissafinsa

Tambaya: Salamu alaikum Mushe. Ɗana yana turaziyem, BEPC ta ƙarato, na sayo masa littafin tsofaffin jarabawa mai korije a baya. To duk sanda amsarsa ta saɓa da ta littafin sai ya goge tasa ya hardace waccan, jiya har da kuka wai shi kansa ne ba ya ja. Wai korije ma yana kuskure ne ko dai yaron ne? Hankalina a tashe yake wallahi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro sa'a. E, yana kuskure, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Mutum ne ya warware lissafin, wani ya buga a na'ura, wani ya yi fotokofin fotokofi har ƙaramar alama ta dushe, a kowane hannu abu na iya lalacewa. Bari in ba ki labarin wata ɗalibata, a ciki za ki ga abin da ya kamata ɗanki ya riƙa yi.

Yarinyar ƴar Birni ce. Daren da za a wayi gari a shiga jarabawa an ɗauke wuta, tana zaune a tsakar gida da tocila tana bitar lissafi, sai ta zo kan wannan:

3(x − 2) − 2(x − 5) = 7

Ta buɗe baka, ta samu 3x − 6 − 2x + 10 = 7, wato x + 4 = 7, x = 3. Ta juya baya ta duba korije, sai ga x = 23. Ta sake yi, 3. Ta sake, 3 dai. Nan fa gabanta ya faɗi, don abin da ya zo mata ba wannan tambaya ɗaya ba ce, tunani take in dai a nan ta ɓata to duk shekara ba ta iya alamomi ba kenan, ga shi saura kwana ɗaya. Yayanta da ya riga ya wuce lise ya leƙo ya ce ke wa ya fi sani, ke ko waɗanda suka buga littafi, ki riƙe tasu ki je ki kwanta. Har ta ɗauki bik za ta soke, sai ta tuna abin da nake ta nanata masu a aji, cewa amsar ekwasiyo ana mayar da ita cikin tambaya a gani.

Ta sa 3: 3 × 1 ya ba da 3, sannan 3 − 5 ya ba da −2, a ninka da −2 ya zama +4. 3 da 4, 7. Ya yi daidai. Ta sa 23: 3 × 21 = 63, 2 × 18 = 36, a cire ya rage 27. Ba 7 ba. Ta zagaye 23 ɗin ta rubuta tata a gefe, ta kashe tocila ta kwanta. Bayan jarabawa ta kawo mini littafin.

Da na duba sai na ga inda 23 ta fito. Duk wanda ya rubuta −10 a wurin +10 zai samu x − 16 = 7, x = 23. Ko dai mai warwarewar ya manta ragi sau ragi ƙari ne, ko kuma asalin tambayar (x + 5) ce, mai bugawa ya mayar da ita (x − 5) ya bar tsohuwar amsa, don da (x + 5) amsar 23 ce cif. Ko wanne ne, da yarinyar nan ta hardace layin korije da ta shiga jarabawa da gurguwar ƙa'ida a kanta, kuma ba a tambaya ɗaya za ta cuce ta ba, duk inda ragi ya zo gaban baka sai ta faɗi.

Abin da ke ci mini rai kenan Hajiya, kullum ina fama da shi a aji, wannan imani da aka cusa wa yara cewa abin da aka buga da na'ura ba ya ƙarya. Yaro ya yi aikinsa tsaf layi bayan layi, ya ga wata lamba a shafin baya wadda ba a ma nuna ta ina aka bi aka same ta ba, sai ya zubar da nasa. Iyaye ma suna taimakawa, an ba da jikka ɗaya ko biyu an sayo, to dole ya zama gaskiya. Ki duba bangon yawancin waɗannan takardu da ake tallarsu, ba sunan malamin da ya rubuta, ba wanda ya duba, in an samu kuskure wa za a je a tambaya? Na WhatsApp ma sun fi muni, hoto ne dishi-dishi da ya bi ta waya goma, wani ma har ya ce wai tambayoyin gobe ne suka fita, a turo kuɗi. Masu wannan sana'a su ji tsoron Allah, shekarar yaro guda suke wasa da ita. In kika sayi gero kina shakkar awon, ai da tiyarki kike sake aunawa, ba ki cewa tunda ɗan kasuwa ne ya auna shike nan. Kuma yaron da ya saba goge amsarsa, ranar jarabawa babu shafin baya, sai ka gan shi ya yi daidai a buruyo ya soke ya rubuta wani abu saboda bai taɓa koyon tabbatar wa kansa ba. Wannan ya fi kuskuren littafin illa nesa ba kusa ba.

Amma kar yaro ya ji wannan ya ɗauka duk saɓani littafi ne ya ɓata, sau da yawa shi ne ya ɓata. Shi ya sa ake gwada amsoshin biyu duka, kuma a cikin tambayar asali yadda take a littafi, ba a layinsa na biyu ko na uku ba, don in tun wajen kwafa ya canza alama to gwajin ma zai yaudare shi. Sannan ya lura wani lokaci amsa ɗaya ce ta sake kama: √12 da 2√3 abu ɗaya ne, haka 1/√2 da √2/2, haka 0,5 da 1/2. Na sha ganin yara suna kuka a kan wannan alhali sun ci. A Pitagor kuma ido ma yana kamawa, in gefuna biyu na kusurwar tsaye 6 ne da 8, dogon gefen 10 ne, in korije ya ba da abin da bai kai 8 ba, ko ya ce 14, an san da matsala tun kafin a ɗauki bik.

Inda gwajin ba ya aiki, kamar tarihi ko ƙa'idar faransanci, kayensa na aji da littafin lakwal su ne alƙali, su zai buɗe.

Ke kuma ga naki aikin. Ki karɓe masa abin gogewa in yana bita, duk tambayar da suka saɓa ya bar aikinsa yadda yake, ya sa alama, ya gwada kamar yadda na nuna. In minti 15 ta wuce bai gano ba ya wuce gaba, musamman daren jarabawa, tambaya ɗaya ba ta kai ya rasa barci ba, kuma masu gyara suna da nasu ma'auni, suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba wannan littafin na kasuwa ne a gabansu ba. Tunda da sauran kwanaki, ya tara waɗanda ya sa wa alama ya kai wa mushensu na lissafi a satin nan, da littafin da kayen buruyonsa tare, don sai an ga layukan da ya bi ake sanin inda abin ya karkace.